Mutum goma, gado 24: yaya za a raba aikin dare?

Sista Binta: Assalamu alaikum. Iyayenmu matiron da masu riƙe da ɗakuna, shawara nake nema. An ba ni riƙon ɗakin maza marasa lafiya, ba na tiyata ba, gado 24, kuma da wuya ka ga gado biyu babu kowa. Sunaye 13 ne a takarda har da ni. Ɗaya tana hutun haihuwa, ɗaya yana hutun shekara, kuma da ya dawo wani zai tafi. Ni safe nake yi Litinin zuwa Juma'a. Saura goma ke nan. A cikin goman ɗaya tana da ciki wata bakwai, ɗaya kuma babba ce, tana da takardar likita cewa kada a sa ta dare. Ofishin matiron ya ce dole safe mutum uku, yamma biyu, dare biyu. Safe 8 zuwa 2, yamma 2 zuwa 8, dare 8 zuwa 8. Abin da na tarar ana yi shi ne dare bakwai, hutu bakwai. Duk yadda na juya rostar sai na ga masu aikin rana ba sa samun hutun kwana biyu a mako, suna ta ƙorafi cewa ana fifita wasu. Ina matsalar take?

Nas Auwal: Wa alaikumus salam Sista. Lissafi ne mai sauƙi. Safe mutum 3 sau awa 6, 18 ke nan. Yamma 12. Dare 24. Jimla awa 54 a rana, 378 a mako. Raba da awa 40 na ma'aikacin gwamnati, bai kai mutum goma ba, tara da rabi ne. To mutanenki sun isa har da ɗan ragi. Zanen ne kawai bai zauna ba.

Hajiya Rakiya: Auwal, lissafinka daidai ne amma ba shi ke ciwo ba. Binta 'yata, ajiye awanni tukuna, ƙirga kwanaki, domin mutum ba ya zuwa aiki rabi-rabi. Ko awa shida zai yi, ranar ta tafi, ya biya kuɗin mota, ya bar yara.

Mutum goma sau kwana bakwai, kwana 70 kike da su a mako. Kowace rana kina bukatar mutum bakwai a bakin aiki, wato 49 a mako. Cire 49 daga 70, saura 21. Waɗannan 21 su ne duk hutun da ɗakinki yake da shi a mako, babu wani a ɓoye. Yanzu dubi abin da tsarin bakwai-bakwai yake yi: kowane mako akwai mutum biyu da suka sauka daga dare suna gida, sun kwashe 14 su kaɗai. Saura 7. Biyu suna kan dare, ba su da hutu a makon. Mutum shida ne ke riƙe da safe da yamma, su za su raba kwana bakwai ɗin nan. Kowa ɗaya, da guda ɗaya a sama. Ta ina kwana biyu za su fito? Ko wa aka ba biro haka zai tarar.

Sista Binta: Wallahi Hajiya kin fito min da abin fili. Ke nan ba zai taɓa yiwuwa ba?

Hajiya Rakiya: Kwana biyu ga kowa a kowane mako, tare da hutu bakwai bayan dare, da mutum goma, a'a. Sai da mutum goma sha ɗaya: bakwai masu rana, kowa kwana biyar, 35 daidai wa daida. Ki rubuta wannan a takarda ki kai ofishin matiron, da lambobinsa. "Ba mu da ma'aikata" kowa yana faɗa, ba wanda ke saurara. "Duti 35 na rana, mutum shida" yana sa a ɗaga kai.

Amma kafin a ba ki mutum, in ma za a ba ki, wata zai kama. To ki zana na mako huɗu, kwana 28, ba na watan kalanda ba. Ki fara da dare, kullum da dare ake farawa. Dare 28 sau mutum biyu, 56. Masu iya dare takwas. Kowa bakwai cif, Allah ya taimake ki lambar ta rabu. Sai dutin rana, 140 a kwana 28. Ba wa biyun da ba sa dare 22 kowacce, 44 ke nan. Saura 96, ki raba wa takwas, kowa 12. Mai dare ya tashi da dare 7, rana 12, hutu 9. Wadda ba ta dare ta tashi da rana 22, hutu 6. Ki haɗa za ki ga komai ya rufe, ba gurbi ko ɗaya a buɗe, kuma ba rara ko ɗaya.

Maman Halifa: To ni dai tunda ana maganar dare, don Allah a taya mu tambaya. Alawus ɗin shif ɗin nan, wanda ya yi dare bakwai da wanda bai leƙa dare ba ko sau ɗaya, a wurinmu duk abu ɗaya suke gani a albashi. Wannan adalci ne? Ni a ganina nan ya kamata a fara gyara, sauran duk zance ne.

Kwamared Sani: Maman Halifa wannan fagen daban ne, muna kansa a ƙungiya, NANNM, ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozoma ta Najeriya, ta daɗe tana maganar alawus ɗin shif. Amma in-caj ba ta biyan albashi, rosta kawai take zanawa. Mu bar ta ta samu abin da ta zo nema.

Sista Binta, abu ɗaya zan ƙara. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, sashe na 13, ta ce a cikin kowane kwana bakwai ma'aikaci yana da hutun kwana ɗaya, awa 24 a jere. Dare bakwai a jere ya cinye makon gaba ɗaya. Sannan akwai shawarar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 1977 a kan ma'aikatan jinya, mai lamba 157, wadda ta ce hutun mako kada ya gaza awa 36 a jere, kuma tsakanin duti da duti a samu awa 12. Saboda haka bakwai-bakwai ɗin nan da muka gada, ni a wurina haramtacce ne.

Hajiya Rakiya: Kwamared ka sassauta. Ta 1977 ɗin shawara ce, kai ma ka faɗa, ba a kai kowa kotu da ita. Dokar Ƙwadagon kuma, ka koma inda ta bayyana wane ne "ma'aikaci", ta cire masu aikin ƙwarewa da na gudanarwa, shi ya sa lauyoyi ke jayayya a kan irinmu. In Binta ta shiga ofis tana cewa haramtacce, za a nuna mata ƙofa. Ni ma ba na son bakwai a jere, amma dalilina ba na doka ba ne.

Dare bakwai awa 84 ne. Na farko da na biyu mutum garau yake. Daga na biyar sai ki fara ganin abubuwa in kina da ido. Ki ɗauki cat ɗin zafin jiki da na hawan jini na ƙarfe biyu da na ƙarfe shida na asuba, ki kwatanta daren farko da na shida. A na shida za ki ga gado huɗu a jere duk 36.8, duk 120/80, da rubutu iri ɗaya da biro ɗaya, an cika su a zaune. Za ki ga ledar ruwa da ya kamata ta yi awa takwas ta ƙare tun ƙarfe uku, jini ya biyo layi, mai jinya ne ya je ya taso su. Za ki ga allurar ƙarfe shida an sa hannu amma kwalbar tana cikin tire ba a fasa ba. Ba lalaci ba ne. Yarinyar ta sauka ƙarfe takwas, ta isa gida tara da rabi, ta ɗora girki, babu wuta, ga zafi, ga yara sun dawo makaranta ƙarfe biyu. In ta yi barcin awa huɗu ta yi da yawa. Sau shida a jere.

Sista Binta: To Hajiya me zan sa a madadinsa? Kin ce hutun ba ya ƙaruwa.

Hajiya Rakiya: Ba ya ƙaruwa, amma kina iya canza inda yake faɗawa. Ki raba bakwai ɗin gida biyu. Dare huɗu, Litinin zuwa Alhamis, sai hutu uku. Bayan kamar mako biyu, dare uku, Juma'a zuwa Lahadi, sai hutu biyu. Dare bakwai ɗin nan dai, amma hutun da ya biyo su biyar ne maimakon bakwai. Biyun da kika tsira da su sai ki mayar wa mai su a cikin kwanakinsa na rana. A tsohon tsari yana yin kwana 14 na rana da hutu biyu kacal. A sabon, kwana 16 ne da hutu huɗu, duti 12 ɗin nan ba su canza ba. Jimlar hutunsa tara ce ko ta nan ko ta can. Bambancin shi ne ba zai taɓa yin dare biyar a jere ba, kuma ba sai ya jera kwana shida yana rana kafin ya huta ba.

Wani amfanin kuma, kowa cikin takwas ɗin zai ɗanɗani daren ƙarshen mako sau ɗaya a zagaye, ba wanda zai ce shi kaɗai ake jefawa Asabar.

Sista Rifkatu: Mama da girmamawa, ni ban yarda ba. Mun gwada huɗu da uku a wani asibiti da na yi aiki, wata uku muka roƙa a mayar da mu. Na farko, jiki. A bakwai-bakwai sau ɗaya kake juya barcinka a wata. A wannan sau biyu, kafin jiki ya saba an sauke ka, kafin ya dawo daidai an sake ɗora ka. Na biyu, hutu ukun nan ba uku ba ne. Ka sauka Juma'a ƙarfe takwas na safe, ranar ta barci ce, amma a rosta an rubuta maka ita hutu. To uku ya zama biyu, biyu ya zama ɗaya. Sau biyu ake cin ka maimakon sau ɗaya. Na uku, mijina a wata jiha yake aiki. Hutu bakwai ɗin nan shi ne aurena. In an ba ni kwana biyu, a hanya zan cinye su.

Nas Auwal: Ta faɗi gaskiya. Kuma a daina ɓoye-ɓoye, rabinmu a cikin hutu bakwai ɗin muke zuwa asibitin kuɗi mu ɗan samu na cefane, wasu kuma karatu suke yi. Duk in-caj ɗin da ta taɓa shi za ta ga fushi.

Hajiya Rakiya: Rifkatu, maganar ranar sauka gaskiyarki ce ɗari bisa ɗari, kuma ita ce raunin tsarin. Wanda ya yi aiki daga sha biyun dare zuwa takwas na safe ya riga ya yi awa takwas a ranar da muke kira hutunsa. Ba ni da amsar da za ta share wannan da mutum goma. Amma Auwal, abin da ka faɗa ai hujjata ce ba taka ba. In mutum ya yi awa 84, sannan ya tafi wani wuri ya ƙara kwana biyar, yaushe ya huta? Mara lafiyar da ke gado na 17 bai san da wannan ciniki ba.

Majo Isufu: Salamu alaikum 'yan uwa, ina biye da ku daga nan Nijar. Mu a inda nike, ekip huɗu muke yi, wato rukuni huɗu. Yau safe, gobe marece, jibi gardi ta dare, gata hutu, sai a koma. Ba mai yin dare biyu a jere, ba rigima, kowa ya san ranarshi har ta wata uku gaba. Me ya hana ku yin haka?

Hajiya Rakiya: Majo sannu da zuwa. Tsarinku yana da kyau wajen jeri, safe sannan yamma sannan dare, haka jiki ya fi so, a riƙa matsawa gaba ba baya ba. Kuma dare bakwai ne a kwana 28, daidai da na Binta. Amma ka duba "hutu" ɗin naku. Ka sauka takwas na safe, gobe takwas na safe kana bakin aiki. Awa 24 ne, rabinsu barci. Wato mutum zai yi shekara bai samu yini guda cikakke da ya tashi a gidansa ya kwana a gidansa ba tare da aiki ba, sai in ya ɗauki hutun shekara. Sannan ekip huɗu na mutum bibbiyu yana ba ka biyu-biyu-biyu. Ita uku take bukata da safe.

Majo Isufu: Na ukun ai ga su nan, matan nan biyu da ba su gardi. A aje su safe dindindin, suna canzawa.

Sista Binta: Wannan ya burge ni fa. Takwas ɗin ekip huɗu, biyun su cike safe.

Sista Rifkatu: Lissafa musu kafin ki yi murna. Gurbin na uku na safe 28 ne kawai a zagaye. Su biyu, 14 kowacce, hutu 14. Sauran kuma duti 21, hutu 7 wanda duk ranar sauka ce. Ranar da kika liƙa wannan a bango, mai cikin nan ba wanda zai ƙara gaishe ta.

Majo Isufu: To wannan kam sai ku, mu ba mu da wanda aka ɗauke ma gardi.

Nas Auwal: Tunda an zo nan bari in fasa ƙwai. Wannan "ba ta dare" ɗin shi ne asalin rigimar kowane ɗaki. Mai ciki ba wanda ke jayayya, 'yan watanni ne. Amma takardar likita da aka kawo tun shekara huɗu, ba a taɓa sabunta ta ba? Sai mai shayarwa, sai wadda maigida bai yarda ba, sai wadda ta girma. Ƙarshenta dare ya dawo kan maza da 'yan mata marasa aure. Na yi wata guda da dare 12 a ɗakin da wasu ba su yi ko ɗaya ba, da na yi magana aka ce ai kai namiji ne. Namiji ba ya barci?

Maman Halifa: Auwal ka yi aure ka haihu tukuna, sai mu yi wannan maganar.

Nas Auwal: Ina da uku Hajiya, ƙaramar ba ta yi shekara ba.

Hajiya Rakiya: Ku tsaya. Auwal yana da magana. Binta, ki ga abin da cire mutum ɗaya yake yi. Da duk goman suna dare, 56 a raba goma, biyar ko shida kowa. Da takwas, bakwai. In kika ƙara ɗauke wa ɗaya, mutum bakwai, takwas kowa. Biyu, ya haura tara. Duk alfarmar da kika yi wa wata, wani ne ya biya, kuma ya san ya biya. Saboda haka kada ɗauke dare ya zama abin da ake roƙo a ofishinki a rufe ƙofa. A rubuce, daga ofishin matiron, da ranar da za a sake dubawa. Ba sai an faɗa wa kowa ciwon mutum ba, wannan sirrinsa ne, amma a san cewa akwai takarda kuma tana da wa'adi. Wadda aka ɗauke wa dare kuma ta ɗauki kaso mafi yawa na yamma da na Asabar da Lahadi, in lafiyarta ta yarda. Haka ne zai sa sauran su ga ita ma tana ɗauke da wani abu.

Sista Rifkatu: Kuma ba yawan dare kaɗai ake ƙirgawa ba, wane dare ne. Daren Talata a watan Maris ba ɗaya yake da daren Sallah ba. Mu Kirista kullum ana ɗauka cewa za mu riƙe Sallah ku riƙe Kirsimeti, kuma muna yi da zuciya ɗaya. Amma a tambaye mu mana. A ɗakin da mu biyu ne kacal cikin goma, Sallah ƙarama mu, babba mu, goman ƙarshe na azumi kowa yana son a sauke shi, mu. Sai Disamba ta zo a ce ai mutum ɗaya kawai za a iya saki.

Kwamared Sani: Wannan gaskiya ne, kuma maganinsa littafi. Shafi guda, sunaye a gefe, a sama a rubuta dare, daren ƙarshen mako, ranakun biki. Duk ƙarshen zagaye a ƙara lambar a kan ta baya, kada a goge. Wanda ya yi Sallar bana, baɗi shi ne farkon sauka. A rataye shi inda kowa zai gani. Rabin ƙorafin "ana fifita wasu" yana mutuwa ranar da mai ƙorafin ya ga lambarsa kusa da ta sauran.

Nas Auwal: In kina da kwamfuta ko a waya ma, Excel zai ƙirga miki. Sunaye a layi na 2 zuwa 11, kwana 28 daga B zuwa AC, ki riƙa sa M na safe, A na yamma, N na dare, O na hutu yadda muka saba. Na farko yana ba ki daren mutum ɗaya, na biyu yana ba ki masu dare a rana ɗaya:

```
=COUNTIF(B2:AC2,"N")
=COUNTIF(B2:B11,"N")
```

Na gefe dole ya nuna 7 ga masu dare takwas ɗin, 0 ga biyun da ba sa yi, na ƙasa dole ya nuna 2. Ki maimaita wa M da A.

Hajiya Rakiya: Madalla, yana rage ciwon ido. Amma zai nuna miki 2 ko da biyun duk bara suka gama makaranta. Wannan shi ne abin da nake so mu tsaya a kai, domin "mutum biyu da dare" ba kawuna biyu ake nufi ba.

Ƙarfe uku na dare, mai ciwon suga a gado na 5 ya fara gumi yana surutai. A lokacin kuma na gado na 20 da ake ƙara wa jini ya fara rawar sanyi. Likitan da ke kan kira yana sashen gaggawa, wayarsa ba ta shiga, sai an taka. Ɗaya za ta tafi, ɗaya za ta tsaya da mutum 24. Wadda ta tsaya dole ta zama wadda za ta tsayar da jinin nan take ba tare da ta jira umarni ba, ta bar layin a buɗe da ruwan gishiri, ta juya ta duba sugan wancan. In duk biyun sababbi ne, su biyun za su tsaya a kan gado ɗaya, ko su biyun su rasa wanda zai yanke shawara. To ki raba takwas ɗinki gida biyu, manya huɗu, ƙanana huɗu, kowane dare ɗaya daga nan ɗaya daga can. Ɗalibai ba sa cikin lissafi ko sun kai goma. Atenda ba ya ciki. Kuma musanya, wadda ita ce ke rusa rosta a ɓoye, babba da babba, ƙarami da ƙarami, a rubuce, da sa hannunki. In ba haka ba rostar bango daban, masu zuwa daban, ranar da wani abu ya faru sunan da ke bango za a kira.

Sista Binta: Manyan nawa uku ne a cikin takwas ɗin Hajiya, ba huɗu ba. Ta huɗun ita ce mai takardar likita.

Hajiya Rakiya: To kin ga. Manya uku ba za su rufe dare 28 da bakwai-bakwai ba, 21 za su rufe. Ko dai su yi tara ko goma kowa, wanda ba za su yarda ba kuma suna da gaskiya, ko ki dubi ƙananan biyar ki zaɓi wanda ya fi nutsuwa ki ɗaga shi. Ki sa kwanakinsa su zo daidai da lokacin da mai zagayen dare ta san da zamansa, ki gaya mata da bakinki. Ba shekarun aiki kaɗai ake dubawa ba. Akwai mai shekara uku da zan bar wa ɗaki in yi barci, akwai mai goma sha biyar da ba zan bar wa ba.

Malam Habu: Ku kuna maganar biyu. Ni a babban asibitin ƙaramar hukumarmu ni kaɗai nake kwana, ɗakin maza da na yara, da atenda ɗaya. In zan yi sallar asuba a bakin ƙofa nake yi ina jin motsi. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai, mu dai muna rubuta rahoto muna ajiyewa.

Kwamared Sani: Malam Habu ci gaba da rubutawa, da kwanan wata da adadin marasa lafiya na kowane dare, ka riƙe kwafi. Ka same ni ta gefe.

Sista Binta: Allah ya kawo ɗauki Malam. Hajiya saura abu ɗaya. Kin ce babu rara ko ɗaya. In wani ya kira ƙarfe shida na yamma ya ce zazzaɓi, ba zai iya dare ba?

Hajiya Rakiya: Shi ya sa rostar da ta rufe cif ba abin murna ba ce. Dole ki ƙirƙiro rara, kuma wuri ɗaya nake gani. Asabar da Lahadi babu babban zagayen likitoci, sallama kaɗan ce, ba a yawan kai mutane hoto da gwaji. Ki nemi izini safe ta koma mutum biyu a ranakun nan. Duti biyu a mako, takwas a zagaye. Kada ki raba su a matsayin hutu tun farko, ki riƙe su. Duk wanda aka kira daga gida ya toshe gurbi, da su za ki biya shi, a cikin zagayen, ba "za a duba" ba. Kuma kowane dare a san wa za a kira tun kafin a bukace shi: wanda yake hutu a cikin kwanakinsa na rana, ba wanda ya yi safe ko yamma a ranar ba, ba kuma wanda ya sauka daga dare jiya ba.

Sai ki kula da mahaɗar zagaye biyu. In kin zo zana sabo, ki ajiye makon ƙarshe na tsohon a gabanki. A nan ake samun wanda ya rufe da dare ranar Lahadi, sabuwar takarda ta buɗe masa da safe ranar Litinin, wato ya sauka ya hau a ƙarfe takwas ɗin nan. Yamma sannan safe washegari ma ki rage ta iya iyawarki. A takarda awa 12 ne, amma kafin a gama miƙa aiki gado-gado a ƙirga magungunan cikin kabad tara ta kusa, ga neman abin hawa.

Sista Rifkatu: Rage safen Asabar ɗin nan ya danganta da ɗaki fa Mama. Mu ranar Juma'a da yamma ake turo mana duk wanda ya taru a gaggawa, Asabar da safe ta fi Laraba zafi.

Nas Auwal: Ko kuma in-caj ta zama ta ukun da safe ko sau biyu a mako. Ba laifi ba ne Sista ta riƙe tire.

Hajiya Rakiya: Tana iya riƙewa in ta kama, amma kada a rubuta ta a lissafi. Ranar da aka kira taro ƙarfe goma, ko ta tafi sito karɓo kaya, ɗakin ya koma biyu ba wanda ya shirya. Rifkatu kuma, littafin karɓar marasa lafiya zai raba ku. Binta ta duba na wata uku baya, ta ga wace safiya ce ta fi sauƙi a ɗakinta, ko da Lahadi ce kaɗai.

Sista Binta: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan duba littafin gobe. Batun bakwai ko huɗu da uku kuma zan zana duka biyun in kai taron ɗaki ranar Alhamis su gani da idonsu. Na san uku daga cikinsu irin Sista Rifkatu ne, iyalinsu ba a gari suke ba.

Sista Rifkatu: Ana iya haɗawa ai. Layin manya ya yi bakwai, layin ƙanana ya yi huɗu da uku, ko akasin haka, tunda layi biyu ne.

Hajiya Rakiya: A takarda yana yiwuwa. Sai dai masu nisan naki su zamo duk a layi ɗaya suke, Binta, kuma su zamo huɗu. Manya ne ko ƙanana?

Sista Binta: Biyu manya, ɗaya ƙarama.

Nas Auwal: Tab. To Alhamis ɗin akwai kallo.